Kafin Ka Rubuta Takardar Fasa Kwantira, Nemi Ayar Rabuwa Ka Karanta

Ƴan'uwa manoma da masu sana'a, a yau ayyuka da yawa na noman rani a ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela suna tafiya da takarda. Mai hayar injin ban ruwa yana sa hannu, ƙungiyar da ta karɓi taki bashi tana sa hannu, haka ma mai hayar shago a kasuwar Badagishiri ko mangazar ajiye albasa a Galmi da Tsarnawa. Ranar sa hannu kowa yana duba kuɗi da ranar biya. Kaɗan ne suke duba inda aka rubuta yadda za a rabu idan tafiya ta ƙi daɗi.

Darasinmu na yau a kan wannan wurin yake. Za mu kira shi ayar rabuwa, wato sashen kwantira da ya faɗi wanda yake da ikon kawo ƙarshenta, da lokacin da zai yi haka, da hanyar da zai bi, da abin da zai biya.

Me ya sa takardar fushi take jawo hasara

Dokar zaman jama'a da kotunan Nijar suke aiki da ita ta nuna, a aya ta 1134, cewa yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zama tamkar doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Ba a warware ta sai da yardarsu duka, ko da wani dalili da doka ta amince da shi. Ma'ana, mutum ɗaya ba ya tashi da safe ya ce ya fasa, ko da kuwa an ɓata masa rai. Idan ya fita ta inda ba a buɗe masa ba, shi ne ya karya alkawari, kuma abokin hulɗarsa yana iya neman diyya.

Takardar da ka aika kuwa shaida ce. Hausawa sun ce magana zarar bunu, to rubutu ya fi ta wuyar mayarwa. Idan ka rubuta cewa daga yau ka daina, ka sa hannu, ka ba abokin gardamarka hujjar da zai ajiye a gaban alƙali. Saboda haka karatu ne farko, rubutu daga baya.

Tara takardun duka

Kada a fara karatu sai an tabbatar kwantirar ta cika. A nemo wadda aka sa wa hannu, ba daftarin da aka kawo don dubawa ba, a ƙirga shafukanta. Idan an rubuta shafi 4 ne, kuma 3 suke hannunka, to ka nemi na huɗun, domin ayar rabuwa takan zo kusa da ƙarshe. A juya bayan kowace takarda: kamfanoni da yawa suna buga sharuɗɗansu da ƙananan baƙaƙe a baya, kuma idan kwantira ta ambace su, suna ɗaure wanda ya sa hannu. Daga nan a tambayi sakatare da ma'ajin ƙungiya ko an taɓa sa hannu a wata takarda ta biyu da ta sauya kuɗi ko wa'adi. Irin wannan ƙari yana iya sauya ayar rabuwa, kuma abin da aka amince da shi daga baya shi ne yake aiki.

Inda ake samun ayar

Mafi yawan kwantirorinmu da Faransanci ake rubuta su. Ko wanda bai ji Faransanci ba, in ya iya karatun boko, zai iya gano kalmomi biyar da idonsa, ya sa musu alama da fensir a kan kwafi. Ga su kamar yadda ake buga su:

"Résiliation": fasa kwantira. Shi ne kan ayar da muke nema. Wani lokaci akan rubuta "Fin du contrat".

"Durée": tsawon wa'adin kwantira. Yakan zo a farko.

"Préavis": sanarwar da ake bayarwa tun da wuri kafin a rabu.

"Tacite reconduction": sabuntawa da kanta idan kowa ya yi shiru.

"Mise en demeure": takardar gargaɗi da ake aika wa wanda ya saɓa alkawari, a ba shi kwanaki ya gyara.

Ayar rabuwa ba ta tsayawa ita kaɗai. Idan ta ce a duba aya ta 5, to a koma aya ta 5 a karanta ta duka. A nemi kuma ayar da ta faɗi adireshin da ake kai takardu, da wadda ta yi maganar tara, da wadda ta faɗi inda za a kai ƙara. Wanda zai fassara muku ya zama ba shi da wata riba a cikin maganar, kamar malamin yaƙi da jahilci ko malamin gona. Ku roƙe shi ya fassara jimla bayan jimla, sakatare yana rubutawa da Hausa. Idan ya ce muku ba wani abu ba ne, maganar rabuwa ce kawai, to bai fassara ba tukuna.

Misali: injinan ban ruwa biyu

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar masu noman albasa a kusa da Galmi ta yi hayar injinan ban ruwa 2 daga wani ɗan kasuwa na Ƙonni. Kuɗin haya jika 30 ne kowane wata, wato sefa 30,000, kuma ƙungiya ta ajiye jika 60 na jingina. A tsakiyar watan Fabrairu na 2025, lokacin da albasa take ƙosawa kuma ba ta jure ƙishirwa, inji ɗaya ya lalace. An kira mai injin a waya sau uku, bai zo ba. Ƴan ƙungiya suka taru a fusace, suka ce sakatare ya rubuta masa cewa daga 1 ga Maris sun fasa.

Sakatare ya ce a karanta tukuna. Ga abin da aka samu bayan fassara.

Aya ta 3 ta ce wa'adin shekara ɗaya ne, daga 1 ga Oktoba 2024 zuwa 30 ga Satumba 2025. Idan ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa a rubuce wata 2 kafin ƙarshen wa'adi, kwantira ta sabunta kanta na wata shekara.

Aya ta 5 ta ce mai da ƙananan gyare-gyare suna kan ƙungiya, babban gyara kuwa yana kan mai inji.

Aya ta 9, ita ce ayar rabuwa, ta ce idan ɗaya ya saɓa, ɗayan zai aika masa da gargaɗi a rubuce wanda za a sa hannu an karɓa. Idan kwana 15 suka wuce daga ranar karɓa bai gyara ba, kwantira tana warwarewa kai tsaye da takarda ta biyu.

Aya ta 10 ta ce wanda ya fita kafin wa'adi ba ta hanyar aya ta 9 ba, zai biya rabin kuɗin hayar watannin da suka rage.

Aya ta 11 ta ce ana kai kowace takarda a shagon mai inji da ke Ƙonni, ta ƙungiya kuwa a hannun shugabanta.

Tambayoyi biyar da za a yi wa ayar

Ta farko: kwantirar tana da wa'adi ko ba ta da shi? Wannan ita ce uwar tambayoyi. Wadda ba ta da wa'adi, bisa al'ada kowa yana iya fita daga cikinta in ya ba da sanarwa yadda ya kamata. Mai wa'adi kuwa tana ɗaure mutum har ranar da aka yanka, sai dai in akwai wata ƙofa a ciki. Ta ƙungiyarmu mai wa'adi ce.

Ta biyu: ƙofa nawa ce, kuma wa aka buɗe wa? A misalinmu ƙofa uku ce: fita saboda laifin abokin hulɗa, fita da biyan tara, da ƙin sabuntawa. A lura da wanda aka ambata a farkon jimla. Akwai kwantirar da ta ba mai kaya shi kaɗai ikon fasawa. A nan an ce kowane ɓangare, don haka ƙungiya tana ciki.

Ta uku: kwana nawa, kuma daga yaushe ake ƙirgawa? Ranar da aka rubuta takarda daban, ranar da aka aika daban, ranar da ta shiga hannu daban. Aya ta 9 ta ce daga ranar karɓa. A duba kuma ko kwanakin aiki ake nufi, domin idan haka ne, ba a ƙirga Lahadi da ranakun hutu na hukuma, kuma wa'adin zai ƙara tsawo.

Ta huɗu: ta wace hanya, kuma ga wa? Kiran waya uku da ƙungiya ta yi ba su cika sharaɗin aya ta 9 ba, tun da rubutu ta nema. Saƙon waya ma bai isa ba idan ayar ta nemi sa hannun karɓa. Ba a kuma miƙa takardar ga direban mai inji a bakin hanya, sai a shagon da aya ta 11 ta faɗa.

Ta biyar: me za a biya, me za a mayar? A nan ake lissafin tara, da jingina, da halin da za a mayar da kaya a ciki.

Lissafin hanyoyi uku

Da ƙungiya ta aika takardar fushi, da ta faɗa cikin aya ta 10. Daga Maris zuwa Satumba wata 7 ne. Jika 30 sau 7, jika 210 ke nan, rabinsu jika 105. Mai inji zai riƙe jinginar jika 60, ya bi su sauran jika 45. Shi ne ya fara saɓawa, amma su ne za su biya, domin sun fita ta ƙofar da ba tasu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta aya ta 9. Amma kafin a rubuta gargaɗi sai a tabbatar laifin nasa ne bisa aya ta 5. Ƙungiya ta kira makanike ya duba, ya rubuta cewa cikin injin ne ya ci, ba ƙaramin gyara ba ne, kuma ba rashin mai ne ya jawo ba. Idan da lalacewar ta ƙaramin abu ce da aya ta 5 ta ɗora wa ƙungiya, to gargaɗin ba shi da tushe, kuma fasawar da za ta biyo bayansa za ta koma fita ba bisa ƙa'ida ba.

Sai aka rubuta gargaɗi, kwafi biyu. An ambaci ranar kwantira, da ranar da injin ya tsaya, da aya ta 5 da aka saɓa, da abin da ake nema, wato gyara ko sauyi, da kwana 15 na aya ta 9. Shugaba ya sa hannu, tun da shi ya sa wa kwantira hannu. An kai shagon ranar 3 ga Maris, mai inji ya rubuta kwanan wata ya sa hannu a kwafin ƙungiya. An fara ƙirga daga kashegari, 4 ga wata, don haka kwana na 15 ya faɗa a 18 ga Maris. Idan bai gyara ba, daga 19 ga Maris ƙungiya tana iya aika takarda ta biyu ta fasawa, ta mayar da injinan a gaban shaidu, ta nemi jinginarta, ba tare da tara ba. Wanda ya aika takardar fasawa ranar 15 ga wata saboda gaggawa ya ɓata aikinsa duka.

A lura da abu guda. Gargaɗi dama ce da ake ba mutum ya gyara. Idan mai inji ya kawo sabo ranar 10 ga Maris, ƙofar aya ta 9 ta rufe, kwantira ta ci gaba. Ga manomin da albasarsa take tsaye a fadama, wannan ma shi ne ya fi alheri, domin ruwa yake bukata.

Hanya ta uku ita ce jiran ƙarshen wa'adi. Wata 2 kafin 30 ga Satumba ya faɗa a 30 ga Yuli, lokacin da kowa yake gonar hatsi, ba mai tuna injin ban ruwa. Idan takardar ta isa ranar 5 ga Agusta, ta makara, kuma ƙungiya ta shiga wata shekara ta jika 360. Maganin wannan shi ne a rubuta ranar a bangon littafin ƙungiya tun ranar sa hannu, a kuma kai takardar tun tsakiyar Yuli.

Kada ka daina biya da kanka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce tun da ba a yi masa gyara ba, shi ma ya daina biya. Ayar rabuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. A misalinmu inji ɗaya yana aiki. Idan ƙungiya ta riƙe kuɗin duka, mai inji zai iya aiko mata da nasa gargaɗin, ya kwashe injinan bayan kwana 15. Gara a ci gaba da biya, a riƙe rasiɗi, a nemi ragi a rubuce. Idan ya yarda da ragin, a rubuta a sa hannu.

Idan kuma ya ƙi karɓar takarda ko ya ƙi sa hannu, a aika ta gidan waya da shaidar karɓa in ayar ta yarda da haka, ko a nemi ma'aikacin shari'a mai kai sammaci da takardu, wanda ake rubuta sunan aikinsa "huissier". Ana biyansa, amma takardarsa shaida ce mai ƙarfi a kotu.

Idan babu ayar rabuwa

Wasu kwantirori gajeru ne, ba su ce kome ba a kan rabuwa. Wasu sun ambaci laifi, amma ba su ce kwantira za ta warware kai tsaye ba. A duba ko akwai kalmomin "de plein droit", domin su ne suke nuna warwarewa kai tsaye. Idan babu, sai a koma ga aya ta 1184 ta dokar zaman jama'a. Ta ba wanda aka saɓa wa zaɓi: ya nemi a tilasta wa abokinsa cika alkawari, ko ya nemi a warware kwantira a biya shi diyya. Amma alƙali ake roƙo ya warware, kuma yana iya ƙara wa wanda ake ƙara lokaci. Hanyar da ta fi sauri da araha ita ce sulhu: a zauna, a amince da ranar rabuwa da abin da kowa zai biya, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidunsa.

Inda doka ta fi ƙarfin takarda

Akwai kwantirorin da doka ta gindaya musu sharuɗɗan da ba a sauyawa, ko da an rubuta wani abu daban an sa hannu.

Babban misali shi ne hayar shago, mangazar kasuwanci ko wurin sana'a. Nijar tana cikin ƙungiyar Ohada ta ƙasashen Afirka 17 masu dokokin kasuwanci iri ɗaya. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta nuna a aya ta 125 cewa idan hayar ba ta da wa'adi, mai son rabuwa zai ba da sanarwa aƙalla wata 6 kafin lokaci, ta hanyar da za ta tabbatar an karɓa. Hayar da ba a rubuta ba, ko ba a yanka mata wa'adi ba, ana ɗaukarta marar wa'adi. Aya ta 133 kuma ta nuna cewa idan don laifi ne, dole a fara da gargaɗin da ya ambaci sharaɗin da aka saɓa, ya kuma sanar cewa in ba a gyara cikin wata ɗaya ba za a je kotu. Gargaɗin da bai ƙunshi waɗannan ba ya zama banza. Saboda haka mai shagon da ya rubuta cewa zai fitar da ɗan haya cikin mako ɗaya bai sami wannan ikon ba don ya rubuta shi.

Kwantirar aiki ma haka take. Mai gadin mangaza ko direban da ƙungiya ta ɗauka aiki yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012. Kafin a sallame shi a nemi shawarar ofishin sufeton ƙwadago.

Hayar gona, aronta ko jinginarta kuwa sun shafi dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da hukumomin filaye da ake kira Kofo. Idan a wurinsu aka yi takardar, a koma can da ita kafin a rubuta wa kowa kome. Wanda yake da gona a cikin filin ban ruwa na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zongo suke shayarwa, ya karanta takardarsa tare da dokar cikin gida ta koperatif ɗinsa, ya kuma tambayi wakilin Onaha, domin can ne ake samun sharuɗɗan kuɗin ruwa da na karɓe gona.

Idan kuɗin da ake magana a kai suna da yawa, ko kalmomin suna ɗaukar fassara biyu, kuɗin ganin lauya sau ɗaya ya fi tara sauƙi.

Aikin da za a yi a aji

Kowace ƙungiya ta kawo kwafin kwantira ɗaya, a rufe sunayen da ke ciki, a amsa waɗannan tambayoyi a rubuce:

1. Shafi nawa ne, kuma aya ta nawa ce take maganar rabuwa?
2. Akwai wa'adi? Idan tana sabunta kanta, wace rana ce ta ƙarshe ta ba da sanarwa?
3. Ana bukatar gargaɗi? Kwana nawa, daga yaushe ake ƙirgawa?
4. Ina ake kai takarda, kuma wa zai sa mata hannu?
5. A misalin injinan, da ƙungiya ta fita ranar 1 ga Yuni ba ta hanyar aya ta 9 ba, tarar jika nawa za ta biya?

Wanda ya amsa huɗun farko a kan takardarsa, ya san ƙofar da zai bi da ranar da zai bi ta. A lokacin ne zai ɗauki alƙalami ya rubuta.